Jawabin buɗe taron ɗalibai kan addini da zaman lafiya: me za a faɗa cikin minti huɗu?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Marwa da ke Kamaru. Ƙungiyarmu ta shirya taron ƙara wa juna sani na yini ɗaya kan addini da gina zaman lafiya, kuma ni aka ɗora wa jawabin buɗewa, minti huɗu zuwa biyar. Za a samu liman da fada da fasto, ga ɗalibai har da 'yan Cadi. Da Faransanci zan yi, amma na fi so in tsara shi da Hausa tukuna. Me zan faɗa, me kuma zan bari?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Abu na farko, ki cire wa ranki cewa ke ce za ki gamsar da mutane zaman lafiya abu ne mai kyau. Duk wanda ya baro aikinsa ya zo zauren nan ya riga ya yarda da haka. Aikinki ƙarami ne, amma idan ya lalace yinin gaba ɗaya ya lalace: kafin ki sauka, kowa a wurin ya ji cewa taron nasa ne, ba baƙo aka gayyato shi ba, kuma kowa ya san tambaya guda da aka taru domin a amsa. Wa'azi na malamai ne, lacca ta masu gabatar da maƙala ce.

Ki fara da lissafi. Mai magana a lasifika, ba gaggawa, yana faɗin kalmomi wajen 120 a minti ɗaya. Minti huɗu ke nan kalmomi 450 zuwa 480, kusan shafi ɗaya. Faransanci yakan ja zance wajen laƙabobin manya, don haka idan rubutunki na Hausa ya kai kalma 400, ki tsaya nan. In kuwa akwai mai fassarawa zuwa Fulatanci jimla bayan jimla, to lokacin ya ninka, sai ki rage rabi.

Sannan ki tambayi masu shirya taron: wa zai ayyana buɗewa? A tsarin tarurrukan hukuma a Kamaru, wanda ya fi kowa muƙami a wurin shi ke furta cewa an buɗe taro, ko shugaban tsangaya ne, ko wakilin shugaban jami'a, ko firefe, wato babban jami'in mulki na gundumar, idan ya zo. In akwai irin wannan mutum, naki jawabin maraba ne da shimfiɗa, kada kalmar "na buɗe" ta fito daga bakinki. Ɗalibai da yawa sun ɓata wa manya rai a nan ba su sani ba.

Gaisuwa kuwa, a nan ake cinye rabin lokaci. Ki karɓi jerin sunayen manyan baƙi da safiyar ranar, ba jiya ba, domin wanda aka sa ran zuwansa yakan turo wakili. Ki ambaci mutum ɗaya ko biyu da muƙaminsu, hukuma tukuna, sai sarauta idan Lamido ya aiko wakili, saura kuma ki haɗa su rukuni. Shugabannin addini ki gaishe su a jimla ɗaya: "shugabannin addini da kuka amsa gayyatarmu". Da zarar kin fara jero su, liman kafin fada ko fada kafin liman, wani zai ƙirga. Kuma Kiristocin ba jiki ɗaya ba ne, akwai Katolika, akwai 'yan Luta da sauran majami'u, kamar yadda a cikin Musulmin akwai ɗan ɗariƙa da wanda ba ya ɗariƙa. Ki yi sallamarki, ba wanda zai ga laifinki don kin yi gaisuwar addininki, amma ki bi ta da gaisuwar da kowa zai iya amsawa. Addu'a kada ki saka ta cikin jawabin. Jami'ar ta gwamnati ce, kundin tsarin mulkin ƙasar kuma bai ɗauki wani addini a matsayin na gwamnati ba. Idan ana son addu'a, a ware mata gurbi a jadawali, kowane ɓangare ya samu lokaci daidai da na ɗan'uwansa, ko a yi shiru na minti ɗaya domin waɗanda suka rasu.

Akwai jimloli uku da nake yawan ji a irin wannan taro, duk da kyakkyawar niyya ake faɗinsu, duk kuma suna jawo matsala.

Ta farko, "addinan nan namu biyu". A jihar Arewa Mai Nisa ba biyu ba ne. A duwatsun Mandara har yau akwai masu bin addinin kakanninsu, kuma 'ya'yansu da jikokinsu suna zaune a ajinku. Ki ce "Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya". Tsoffin sunayen raini da ake kiran mutanen duwatsu da su, ko da wasa, ko cikin ba da tarihi, kada su shiga bakinki.

Ta biyu, "ai duk addini ɗaya ne". Liman bai yarda ba, fasto bai yarda ba, kuma ba don su yarda da haka suka zo ba. Mai faɗin wannan yana nufin sassauci, amma abin da mai riƙo da addininsa yake ji shi ne ana so ya rage imaninsa kafin a ba shi kujera. Abin da ake nema ya fi haka sauƙi: mun bambanta a aƙida, amma rijiya ɗaya muke ɗiban ruwa, kasuwa ɗaya muke ci.

Ta uku, "addini ba ruwansa da rikici", ko kishiyarta, "addini ne ke raba mu". Kowacce kika faɗa, kin yanke hukunci a kan abin da aka taru a tattauna, kin bar masu maƙala ba aiki. Karin maganar nan kuma ta zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, gaskiya ce, amma ki bar wa wani, domin kafin azahar sai kin ji ta daga baki uku.

Yanzu ga gundarin jawabin, inda na fi so ki kashe tunaninki. Jawabin buɗewa yana tsayawa ne a kan misali ɗaya na kusa, wanda mutanen zauren suka sani. Za a ba ki shawarar ki kawo labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda suka yi gaba da juna kafin su haɗu su kafa cibiyar sulhu, ko takardar 'yan'uwantaka da Fafaroma Faransis da Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa wa hannu a Abu Dabi a 2019. Duk suna da kyau, amma na nesa ne, kowa zai gyaɗa kai ya koma kan wayarsa. Ki bar su ga masu maƙala.

Za kuma ki ji kamar dole ki fara da Boko Haram. Ni ban ba ki shawarar ki ɗora jawabin a kai ba, ga dalilai. Da kin fara da shi, ɗaliban Musulmi za su gyara zama su shiga kare kansu, na Kirista su shiga jiran su ji ko za a ambaci abin da aka yi wa majami'unsu, alhali minti huɗu ba zai ishe ki yi wa kowa adalci ba. In ya zama dole, jimla ɗaya ta isa, mai ɗauke da ɓangarorin biyu: waɗanda suka sace fada a Ngecewe a Nuwamban 2013, su ne suka tada bam a masallacin Kuyafe kusa da Kolofata a Janairun 2016. Sannan ki kiyaye harshenki sosai. Ƙasar tana da dokar yaƙi da ta'addanci tun Disamban 2014, kuma a 2016 kotun soja ta ɗaure wasu samari uku shekara 10 saboda saƙon waya na barkwanci a kan ƙungiyar. Ba raha a nan, ba zargin wata ƙabila ko wani gari, ba hasashe a kan wane ne yake taimaka musu. Ki ɗauka cewa duk abin da kika faɗa wani yana naɗa a waya.

Misalin da na fi so miki shi ne rikicin Logon-Birni na 2021. Ya fara a watan Agusta, ya sake ɓarkewa ranar 5 ga Disamba a ƙauyen Ulumsa, tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum. Musababbinsa ruwa ne. Da ruwa ya ja baya, masunta sukan haƙa manyan ramuka su tare abin da ya rage da kifin da ke ciki, shanu kuma in sun zo sha sai su zame su maƙale a taɓo. Cikin kwana uku wutar ta kai Kusiri, aka ƙone kasuwar shanu, ƙauyuka da yawa suka ƙone, dubban mutane, galibi mata da yara, suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Abin da ya sa ya dace da taronku shi ne layin faɗan bai bi layin masallaci da coci ba. Larabawan Shuwa Musulmi ne, Musgum kuwa da yawansu Musulmi ne, akwai Kirista a cikinsu. Ke nan ba wani addini da zai zauna a kujerar wanda ake tuhuma, amma tambayar ta hau kan kowa: a lokacin da abin yake ƙarami, ina masu hawa mumbari suke, me suka iya, me ya fi ƙarfinsu? Ga shi kuma ya shigo da 'yan Cadi cikin zancen a matsayin masu masauki, ba 'yan kallo ba.

Sai dai shi ma yana da haɗarinsa, domin a zauren za a samu ɗan Shuwa da ɗan Musgum, wataƙila wanda aka ƙone gidansu. Don haka akwai ƙa'idoji. Ki ce "makiyaya da masunta", kada ki kira sunan ƙabila, kowa ya san su wa ake nufi. Kada ki faɗi wanda ya fara. Kada ki kawo adadin mamata, domin kowane ɓangare yana da nasa lissafin, kuma lamba ɗaya ta isa ta mayar da taron gardama. Ki ba kowane ɓangare dalilinsa da nauyi iri ɗaya, jimla da jimla. Kafin ranar kuma, ki karanta wa ɗalibi ɗaya daga kowane ɓangare wannan sakin layin, kowa shi kaɗai, ki kalli fuskarsa. Idan ɗayansu ya ce "amma ai...", ki gyara. Idan duka biyun sun ƙi, ki sauya misali, ki ɗauki rigimar gona da burtali da aka sasanta a wani gari da kika sani da kyau.

Maganar nassi. Ko ki kawo daga ɓangarorin biyu, ko ki bari gaba ɗaya, kuma tsawonsu ya yi daidai. An saba haɗa aya ta 13 ta Suratul Hujurat da Matiyu 5:9, ba laifi, amma an ji su har an daina ji. Ni na fi son haɗa aya ta 6 ta wannan surar, wadda ta umarci muminai su bincika labarin da aka kawo musu kafin su cutar da wasu cikin jahilci, da wasiƙar Yaƙub 1:19, mai cewa kowa ya yi saurin saurare, ya yi jinkirin magana da jinkirin fushi. Dukansu a kan hali suke magana, ba a kan aƙida ba, kuma sun faɗa daidai kan abin da ɗalibi yake da iko da shi, wato saƙon muryar da ya shigo masa a WhatsApp da dare, zai tura ko zai riƙe. Ki faɗi ma'ana kawai, kada ki yi tafsiri, balle na littafin da ba naki ba. Ayar Yaƙub ki kai wa wata ƙawarki Kirista ta buɗe miki ta a littafinta na Faransanci, ki kwafi lafazin yadda yake. Ayar Alƙur'ani kuma in ba ki da tabbacin karatunki na Larabci a gaban liman, ki tsaya kan fassara.

Ga yadda zai iya kasancewa. Ki sauya shi ya zama da bakinki.

"Ya Shugaban Tsangaya, malamanmu, shugabannin addini da kuka amsa gayyatarmu, iyayenmu, 'yan'uwana ɗalibai na Kamaru da na Cadi: assalamu alaikum, barkanmu da safiya, sannunku da zuwa.

A watan Disamban 2021, a yankin Logon-Birni, rikici ya tashi tsakanin makiyaya da masunta a kan ruwa. Masunci yana tare ruwa domin kifin da zai ciyar da iyalinsa. Makiyayi yana neman ruwan domin shanun da zai ciyar da iyalinsa. Cikin 'yan kwanaki abin ya kai Kusiri, an rasa rayuka, an ƙone ƙauyuka, dubban mata da yara suka tsallaka kogi. A zauren nan akwai waɗanda abin ya taɓa gidajensu, muna jajanta musu. Akwai kuma 'yan'uwanmu na Cadi da ƙasarsu ta sauki waɗannan baƙi, muna gode musu.

Ba a kan addini aka yi wannan faɗa ba. Amma waɗanda suka yi shi, da waɗanda suka gudu, da waɗanda suka ba su ruwa da tabarma, mutane ne masu zuwa masallaci da coci, masu jin maganar dattawansu. Shi ya sa tambayarmu ta yau guda ce: idan rigima ta taso a kan ruwa ko gona ko burtali, me liman da fada da fasto da dattijon gargajiya za su iya yi a ranar farko, kafin a zubar da jini? Me yake hana su? Mu ɗalibai kuma, da wayoyinmu a hannu, mene ne namu?

Ba mu taru domin mu zama addini ɗaya ba, ba kuma domin a tantance wanda yake kan gaskiya ba. A cikinmu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin addinin gargajiya, kuma kowa zai koma gida da abin da ya zo da shi. Alƙur'ani ya umarci muminai su bincika labari kafin su cutar da wasu cikin rashin sani. Littafi Mai Tsarki ya ce kowa ya yi saurin saurare, ya yi jinkirin magana da jinkirin fushi. Wannan shi ne roƙonmu ga kowa a yau: kowa ya yi magana a kan nasa addinin, ya bar wa maƙwabcinsa bayanin nasa. Mai tambaya ya yi tambaya, kada ya yi huɗuba. Kada a kira sunan ƙabila da zargi.

Za mu saurari maƙaloli da safe, mu tashi sallah da cin abinci, da yamma mu rabu rukuni-rukuni. Muna so kafin mu watse mu fita da abu biyu ko uku da mu ɗalibai za mu iya yi a unguwanninmu cikin wannan shekarar karatu.

Ina roƙon Shugaban Tsangaya ya taso ya buɗe mana taro. Na gode."

Ki lura da jimloli biyun nan na masunci da makiyayi: gininsu ɗaya, ƙarshensu ɗaya, da gangan ne. Idan kika mayar da su Faransanci, ki riƙe wannan daidaiton, kada ɗaya ya samu siffa ko ƙarin bayani da ɗayan bai samu ba. Ki kuma lura cewa ƙa'idojin zama suna cikin jawabin. Amfaninsu yana fitowa da yamma, lokacin da wani zai karɓi makirfo ya fara tambayar fasto yadda aka yi Allah ya zama uku, ko ya tambayi liman batun jihadi da niyyar ƙure. Mai jagorantar zaman sai kawai ya ce an riga an faɗi ƙa'ida da safe, ba sai ya ƙirƙiro doka a kan mutum ɗaya ba. Don haka ki zauna da shi tun kafin ranar, ku yarda a kan lafazin.

Abin da kika yi alkawari a sakin layin jadawali, ki tabbata haka yake a takarda. Idan kin ce za a tashi sallah, to a tashi a kan lokaci, in ba haka ba rabin zauren zai fice a tsakiyar maƙalar wani, shi kuma ya ɗauka da shi ake. Idan taron ya faɗa Juma'a, hutun ya yi tsawon da za a je masallaci a dawo. Idan ba a shirya rukunan yamma ba, ki cire jimlar.

Wajen gwaji, ki karanta da ƙarfi, a tsaye, agogo a gabanki, da Faransancin da za ki yi amfani da shi. In ya kai minti huɗu a ɗaki, a zaure zai kai biyar, saboda amsa sallama da gyaran makirfo da tsayawar da za ki yi bayan tambayar. Wannan tsayawar kada ki tsallake ta, ki ƙirga uku a ranki kafin ki ci gaba. Inda za ki rage in lokaci ya ƙure shi ne nassin da jadawalin. Misalin da tambayar ba a taɓa su. Ki buga rubutun da manyan haruffa a takarda, kada ki karanta daga waya, domin allon yakan mutu, kuma manya suna ganin rashin ladabi ne.

Za ki gane jawabin yana tafiya daidai idan zauren ya yi tsit a sakin layi na biyu, aka ɗaga kai daga wayoyi. Alamar matsala ita ce tafi ko guna-guni daga gefe ɗaya kawai. In haka ta faru, kada ki tsaya ba da haƙuri ko ƙarin bayani daga kanki, nan ne harshe yake zamewa. Ki wuce kai tsaye zuwa sakin layin ƙa'idoji. Idan kuma babban baƙo ya shigo kina tsakiyar magana, wanda yakan faru, ki dakata har ya zauna, ki gaishe shi da muƙaminsa a jimla ɗaya, ki ɗora daga inda kika tsaya. In shi ne ya fi kowa muƙami a wurin, ki dubi mai gabatarwa ya yi miki ishara, domin wataƙila sunan da ke jimlarki ta ƙarshe ya sauya.